Bayan bitamin B12, aidin ne ake mantawa da shi

"Wata huɗu ke nan da na bar nama, kifi, ƙwai da nono gaba ɗaya. Ina shan B12. Akwai wani abin kuma da zan ƙara?"

Akwai, ɗan'uwa, kuma na farko aidin ne, sinadarin da rashinsa ke jawo maƙoƙo. Kifi, ƙwai da madara su ne ke kawo shi, ka kuwa ajiye su duka. Babban mutum na buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki ko mai shayarwa 250. Abin da ya rage maka shi ne gishirin leda mai aidin. Manda da kanwa ba sa maye gurbinsa. Gero da rogon da bai jiƙu sosai ba kuma suna rage yadda jiki ke amfani da aidin, shi ya sa maƙoƙo ke yawa inda aka dogara da su. Bayan aidin sai omega-3 na man gansakukar teku, sai zinki, wanda jiƙa wake da daddawa ke taimaka wa jiki ya tsotsa.

Ni na ɗanɗana. Na rage gishiri saboda hawan jini, ɗan wanda nake sawa kuma yana cikin buɗaɗɗen kwano kusa da murhu, aidin ɗinsa na tashi. Kasala ta kama ni, ina jin sanyi ana tsakar zafi, sai gwajin jini na TSH, sinadarin da kan hau idan aidin ya yi ƙaranci a jiki, ya nuna ya hau. Yanzu ƙwayar aidin mai maikrogiram 150 nake sha. Amma ka guji ƙwayar aidin da ake yi da ciyawar teku, aidin ɗinta kan wuce kima. In kana da ciwon maƙoƙo, ga likita kafin ka fara.