Mafarkin tsohon miji: shin alama ce ta ɓoyayyen so?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, aurena na fari ya mutu bayan wahala mai yawa, yanzu ina gidan wani mijin kuma muna zaune lafiya. Sai dai ina yawan mafarkin tsohon mijina, wani lokaci muna faɗa, wani lokaci ina cikin gidansa ina neman ƙofar fita. Ƙanena da ke karatun halayyar ɗan Adam a jami'a ya ce wani masani Freud ya ce mafarki buri ne da ya ɓad da kama, wato har yanzu ina son mutumin. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya kuma ta ce ƙwaƙwalwa ce kawai take sarrafa ɓacin rai. Malam, ina da zunubi? Kuma wajibi ne in gaya wa maigidana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ba ki da zunubi, aurenki yana nan daram, kuma ba wajibi ba ne ki gaya wa maigidanki. Manzon Allah (SAW) ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mai barci har sai ya farka, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Shi ya sa malamai ba sa ɗora hukunci kan abin da mai barci ya furta. Ko saki miji ya yi cikin magagin barci, bai saku ba. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta kafin mu duba maganganun biyu.

Sigmund Freud likita ne a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma littafinsa kan fassarar mafarki yana ɗauke da shekarar 1900. A ganinsa mafarki fuska biyu gare shi: abin da mai barci ya gani, da ainihin burin da ke ɓoye a ƙasa. Ya ce akwai wani mai gadi a cikin zuciya da ke hana buri mai kunya fitowa fili, sai burin ya sauya kama, ya sa wani mutum a madadin wani, ko ya cure abubuwa da yawa cikin hoto guda, don ya wuce ba tare da ya tashi mai barci ba.

Dubi yadda yake aiki da wannan ra'ayi. Wata mata da yake yi wa magani, matar wani mahauci, ta ƙalubalance shi da mafarkinta. Ta ga tana son haɗa walimar dare, amma ba ta da komai sai ɗan kifi mai hayaƙi, ga shi Lahadi ce an rufe shaguna, waya kuma ta lalace, dole ta haƙura. Ta ce masa ina burin da ya cika a nan? Freud ya yi ta tambaya har ya gano tana da wata ƙawa siririya da mijinta yake yabo, mijin kuma yana son mata masu jiki. Sai ya ce burinta shi ne kada ta ciyar da ƙawar ta yi ƙiba ta burge mijin. Ya ma tafi gaba, ya ce wasu masu kawo mafarkin da ya saɓa masa, burinsu na ƙaryata shi ne ya cika. To ra'ayin da yake cin nasara ko an yarda da shi ko an ƙi, babu ma'aunin da za a gwada shi da shi. Zato ne, kuma ba a tuhumar Musulma da zato. Shi kansa Freud a 1920, bayan ya duba sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ta maimaita mafarkin tashin hankalin fagen fama, ya yarda cewa irin wannan mafarki bai shiga ƙa'idarsa ba.

Maganar ƙawarki ta fi tsayawa kan abin da aka auna. A 1953 wasu masu bincike biyu, Aserinsky da Kleitman, a Chicago suka gano wani mataki na barci da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, kuma idan aka tashi mutum a lokacin, galibi yana ba da labarin mafarki. Daga baya an ga cewa a wannan mataki sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da ɓacin rai suna aiki sosai, sinadarin noradrenaline mai tayar da hankali kuwa yana raguwa ƙwarai. Daga nan wasu masana suka ce kamar mutum yana sake bi ta kan abin da ya dame shi ne cikin yanayin da zafinsa ke raguwa. Rosalind Cartwright ta yi bincike kan mutanen da aurensu ya mutu suka shiga ƙunci, ta riƙa tashinsu cikin dare tana rubuta mafarkansu. Ta samu cewa waɗanda tsohon abokin zamansu ke fitowa a mafarki tare da motsin rai, su ne suka fi samun sauƙi bayan wani lokaci. Mutanen da ta bincika ba su da yawa, masana ma ba su haɗu a kan cewa mafarkin ne ke warkarwa ba, don haka ba mu mai da shi yaƙini. Amma ya isa ya nuna cewa ganin mutum a mafarki yana iya zama alamar rabuwa da shi.

A ɓangaren Shari'a, Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa mafarki iri uku ne: mafarki nagari wanda bushara ce daga Allah, da na baƙanta rai daga Shaiɗan, da abin da mutum ke zantawa da ransa. Duk abin da Freud da masu binciken da suka zo bayansa suke jayayya a kai yana cikin kashi na uku. Musulunci ya yarda cewa abin da ke cikin rai yana fitowa a barci: mai ƙishirwa ya ga ruwa, mai bashi ya ga mai binsa. Sai dai rai ba buri kaɗai yake ɗauke da shi ba, akwai tsoro, da haushi, da tabon zalunci. Halal ne ɗalibi ya karanta waɗannan ra'ayoyi ya ci jarrabawa da su, halal ne likita ya amfana da abin da ya tabbata a cikinsu. Abin da bai halatta ba shi ne Musulmi ya ƙudurta cewa dukkan mafarki buri ne ko aikin ƙwaƙwalwa kawai, don hakan ya kore mafarkin gaskiya da Alƙur'ani ya tabbatar ga Annabi Ibrahim da Annabi Yusuf (AS), wanda kuma hadisi ya ce kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci.

Ki lura da abin da ke cikin naki mafarkin: faɗa, da neman ƙofar fita. Wannan ya fi kama da tsohon ciwo da ke motsi, ko baƙanta rai daga Shaiɗan. Ko da ma a ce akwai saura a zuciya, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rayukansu suka zanta, muddin ba su aikata ko suka furta ba. Ƙanenki kuma ya ji tsoron Allah, ya daina yanke wa yayarsa hukunci da darasin aji. Kalma ɗaya irin wannan idan ta kai kunnen miji tana iya rusa gida.

Idan kin farka daga irinsa, ki yi tofi sau uku ta hagunki, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya ɗaya gefen, in kin samu iko ki tashi ki yi nafila. Kada ki ba kowa labarinsa, har maigidan, domin Annabi (SAW) ya hana wani mutum da ya yi mafarkin an sare masa kai ya riƙa ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Kada kuma ki kai shi wurin masu fassara da kuɗi. Amma idan mafarki ɗaya ne yake ta dawowa ba ya sauyawa, kina farkawa a firgice da gumi da bugun zuciya, kina tsoron kwanciya, musamman in an taɓa dukanki a wancan gidan, to ki je wurin likitan ƙwaƙwalwa tare da riƙo da azkar. Gaya wa likita don neman magani bai shiga cikin hanin ba. Wallahu a'alam.