Haɗa waya da talabijin don kallon bidiyon biki

"Salam 'yan uwa, ina so in nuna wa mutanen gida bidiyon bikin ƙanwata a talabijin daga wayata Samsung, ba mu da Wi-Fi a gida, yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. In dai talabijin ɗin smart ne galibi ba ka buƙatar data ko rauta, kai tsaye suke haɗuwa da juna. Ɗauki rimot ka shiga wajen Screen Mirroring, wasu suna rubuta Miracast ko Screen Share, ka bar shi a buɗe, sannan ka ja saman wayarka ƙasa ka danna Smart View, sunan talabijin zai fito sai ka taɓa shi, in ya nemi izini ka danna Allow da rimot.

In sunan bai fito ba galibi talabijin ɗin ne ba ya kan wancan shafin. In kuma tsohon yayi ne mai ramin HDMI, kada ka yi saurin sayen kebul ɗin USB-C zuwa HDMI, yawancin wayoyin Samsung jerin A ba sa fitar da hoto ta nan, jerin S ne ke yi. In yana da ramin USB ma, gara ka kwafe bidiyon a filash ka soka, ba ya ma sarƙewa.

Kuma ka kunna Do Not Disturb tukuna, don duk saƙon da ya shigo kowa a falo zai karanta, har su Hajiya.