Hukuncin labarin yara biyu da waya ɗaya da wasan ludo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni malamar islamiyya ce, na rubuta wa ɗalibaina ɗan gajeren labari akan yara biyu, ɗan wa da ɗan ƙani, kakarsu ta ba su tsohuwar wayarta su riƙa amfani da ita tare, batirin ko awa ɗaya baya kaiwa. Suka yi ta gardamar gem ɗin da za su saka, babban yana son na ƙwallo ƙaramin yana son ludo, daga ƙarshe suka jefa kwabo aka zaɓi ludo, da sharaɗin wanda aka cinye zai bar wa ɗayan wayar gobe gaba ɗaya. Wata ta ce min ƙirƙirar labari ƙarya ce. Meye hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam malama, Allah ya yi wa ɗalibanki albarka. Toh ita maganar ƙarya ba anan matsalar take ba. Ƙarya ita ce ki gaya wa mutum abu ya faru alhali bai faru ba, kina so ya gaskata. Yaran da aka ce musu ga labari sun san buga misali ake, kuma Alƙur'ani kansa ya buga misali da bawan da iyayengiji masu jayayya suka yi tarayya a kansa, a Suratuz Zumar aya ta 29. Akwai malaman da suka ƙi ƙagaggen labari, amma abinda nake kai ya halatta in dai ba ki ce musu da gaske ya faru ba.

Jefa kwabon ma babu laifi, ƙuri'a ce. Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi (SAW) in zai yi tafiya yana yin ƙuri'a tsakanin matansa, yana cikin Bukhari da Muslim. Ana yinta ne idan haƙƙi ya zo daidai, kuma yaran nan kaka ta ba su wayar ne su biyu, babu wanda ya fi wani iko da ita.

Inda na tsaya na daɗe shi ne ludon. Ludo da jefa ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo ake yinsa, ita ce ke cikin wasan da Larabawa ke kira nardu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da ManzonSa, a Sahihu Muslim kuma hadisin Buraida ya kamanta shi da wanda ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa. A Muwaɗɗan dai, Nana A'isha ta ji wasu da ke zaune a gidanta suna da nardu, ta aika musu ko su fitar da shi ko ta fitar da su. Kinga babu inda aka ce sai an sa kuɗi, shi yasa mafi yawan malamai suka hana shi ko da ba caca. Wasu na cewa ai na waya ba ƙwaya ba ce a hannu, lamba ce kawai ke fitowa, ni dai ban gamsu ba, don wasan na nan yadda yake, abinda jifa ta ba ka da shi kake tafiya.

Sai sharaɗin nan, wanda wallahi ya fi ludon damuna. Ki lissafa, a ce batirin awa ɗaya ne, kowa na da minti 30 na gobe, haƙƙinsa ne. Da suka ce wanda aka cinye ya bar wayar, kowanne ya ajiye minti 30 ɗinsa kenan, ɗaya ya tashi da 60 ɗaya ya tashi hannu rabbana. Wannan ita ce siffar caca, kowa ya zuba nasa, ko ya ci ko a cinye shi, ko da ba naira aka zuba ba. Bambancinsa da ƙuri'ar ɗazu, ita ba ta ƙwace rabon kowa ba, zaɓi kawai ta yi.

Su yaran labarin da masu saurare ba a rubuta musu zunubi tunda ba su balaga ba, amma ke da ke riƙe da biro baliga ce, kuma yaro abinda ya ji malamarsa ta yaba shi yake ɗauka gida.

Don haka kar ki yaga labarin. Ki bar kakar da tsohuwar wayar da gardamar, ki cire ludo ki sa ƙaramin yana son na tseren mota ko na lissafi, kwabon ya nuna wanda za a fara da nasa yau, gobe a yi na ɗayan, wannan rabon amfani da lokaci sananne ne a fiƙihu, ana ce masa muhaya'a. In kuma kina son barin ludon da sharaɗin a ciki, toh sai kakar ta shigo ta hana su ta gaya musu dalili, kuma ki sa su ajiye wayar in an kira sallah.

Wallahu a'alam.