Daga wace takarda ake ɗaukar bayanan fitar da kaya a kwastan?

Tambaya: Idan zan cike jerin bayanan fitar da kayan da aka shigo da su daga waje a kwastan, sai in ga nauyi da kuɗin da ke takardun sun sha bamban. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Kowane bayani yana da takardar da ta fi cancanta a ɗauke shi daga gare ta, sauran kuma na tantancewa ne. Sunan mai aikawa da mai karɓa, da sunan jirgi, da lambar kwantena, daga takardar lodin jirgi ake ɗaukarsu. Lambar kwantena haruffa 4 ce da lambobi 7, don haka idan ka ƙirga ka ga ba su cika ba, an yi kuskure wajen kwafa.

Nauyi kuwa daga takardar jerin kwalaye yake fitowa, kuma iri biyu ne: na tsuran kaya, da na kaya haɗe da mazubinsu. A ce an aiko rigunan auduga kwali 500, kowane kwali kilo 12 ne tsura, kilo 13 da kwalinsa. Za ka rubuta kilo 6,000 a gurbin farko, kilo 6,500 a na biyu, sannan ka gwada na biyun da abin da ke takardar lodin jirgi. Idan can ka tarar da kilo 8,700, kada ka yi gaggawar zargin ɓoye kaya, domin ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana kai kusan kilo 2,200 ba komai a cikinta, kuma mai yiwuwa nauyinta aka haɗa. Sai a nemi kamfanin jirgin ya gyara takardar kafin a miƙa wa kwastan.

A ganina wajen ƙima aka fi yin asara. Kafin ka kwafi jimilla daga takardar farashi, duba sharaɗin cinikin da ke jikinta. Idan an rubuta FOB, wato farashin kaya har zuwa loda su a jirgi, da dala 20,000, kuɗin dako da inshora ba sa ciki. A ƙasashen da ke lissafin haraji bisa CIF, wato farashin kaya haɗe da inshora da dako, dole ka ƙara su: dako dala 1,800, inshora dala 100, ƙimar ta zama dala 21,900. Ka ware wa kowanne gurbinsa, domin jami'i zai nemi shaidar kowane ɗaya.

Lambar haraji ta HS, wato lambar da ke nuna nau'in kaya, da mai sayarwa ya rubuta, lambobi 6 na farko ne kawai ƙasashe suka yi tarayya a kansu, ragowar kuwa sai ka nemo daga jadawalin ƙasar da kayan za su shiga. Ko shidan ma a gwada su da bayanin kayan: rigar shan iska saƙaƙƙiya ta auduga 6109.10 ce, amma idan zaren roba ne ya fi yawa a cikinta, ta koma 6109.90.