Littafin tsoffin tambayoyi ko mitar awon lantarki? Ga tambayoyi biyar ki fara gwada kanki

"Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare. Darasin haɗin siris da faralel ya ƙi zama a kaina. Babana ya ba ni ɗan kuɗi, amma abu ɗaya za su saya: ko littafin tsoffin tambayoyin WAEC, ko ƙaramar mitar awon lantarki da batir. Wanne zan saya?" Daga wata ɗaliba a Zariya.

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki sayi mitar. Littafi ana aronsa wajen 'yan ajin gaba, ita kuwa mita ita ce za ta nuna miki da idonki abin da ake ta zana miki a allo. Amma kafin ki tafi kasuwa, ɗauko takarda da biro. Ki rufe amsar kowace tambaya da hannu sai kin gama naki lissafin.

Abu guda za ki riƙa tambayar kanki kafin ki rubuta ko lamba ɗaya: mene ne waɗannan rezisto suka yi tarayya a kansa? In a jere suke kan hanya guda, wato siris, karant ɗinsu ɗaya ne, boltej suke rabawa. In kuwa hanya ta yi rassa, wato faralel, boltej ɗinsu ɗaya ne, karant suke rabawa. Sauran aikin na V = IR ne, wato boltej daidai yake da karant sau turjiya.

Ta farko. An jera rezisto 2 Ω da 4 Ω a siris kan batir 12 V. Nemo karant, da boltej na kowannensu.

Turjiyar duka 2 + 4 = 6 Ω. Karant 12 ÷ 6 = 2 A. Ƙaramin ya ci 2 × 2 = 4 V, babban ya ci 2 × 4 = 8 V. Haɗa 4 da 8, sun ba da 12 na batir, lissafi ya fita.

Ta biyu. Rezisto 6 Ω da 3 Ω a faralel kan batir 12 V. Nemo turjiyar duka da karant na kowane reshe.

A nan 1/R = 1/6 + 1/3 = 1/2, saboda haka R = 2 Ω. Shekarun da na yi ina duba takardun yara, babu kuskuren da na fi gani irin na wannan gurbi: ɗalibi ya kai 1/2 sai ya rubuta 0.5 Ω ya wuce, ya manta bai juya ba tukuna. Kowane reshe yana samun 12 V cikakke, don haka na farko 2 A, na biyu 4 A, jimilla 6 A. Ki gwada: 12 ÷ 2 ma 6 ne. Kuma ki lura, turjiyar faralel kullum ba ta kai mafi ƙanƙanta a cikin rassan ba. In kika ga amsarki ta haura 3 Ω a wannan tambaya, koma baya.

Ta uku. Kwan fitila biyu iri ɗaya, kowanne 6 Ω, da batir 6 V. A wane haɗi suka fi haske? In ɗaya ya ƙone kuma, me zai sami ɗayan?

A siris turjiya 12 Ω, karant 0.5 A, ƙarfin kowane kwai P = I²R = 0.25 × 6 = 1.5 W. A faralel kowanne yana jan 1 A, ƙarfinsa 6 W, ninki huɗu ke nan. In ɗaya ya ƙone a siris, hanya ta yanke, duka sun mutu. A faralel ɗayan zai ci gaba da haskensa. Shi ya sa wayarin gidanku faralel ne: kwan zaure ya ƙone amma fankar ɗaki tana juyawa.

Ta huɗu. Yanzu a gauraye. Rezisto 4 Ω yana jere da waɗancan biyun na faralel, 6 Ω da 3 Ω, batir kuma 18 V. Nemo karant da ke bi ta cikin 3 Ω.

Nan ne yawanci ake faɗuwa, don ɗalibi na ganin kalmar faralel sai ya yi 18 ÷ 3 ya ce 6 A. Ba haka ba ne, domin rassan nan ba su manne da batir kai tsaye, akwai mai tare hanya a gabansu. Ki fara dunƙule rassan su zama 2 Ω kamar ɗazu. Yanzu kina da 4 Ω da 2 Ω a jere, 6 Ω ke nan, karant daga batir 18 ÷ 6 = 3 A. Wannan 3 A gaba ɗayansa yana ratsa 4 Ω, ya bar 12 V a can. Abin da ya rage wa rassan 6 V ne kawai. Sai ki buɗe su: ta 3 Ω akwai 6 ÷ 3 = 2 A, ta 6 Ω akwai 1 A. Biyu da ɗaya uku, daidai da abin da ya fito daga batir. In kin ci wannan ba tare da leƙen amsa ba, darasin ya zauna fiye da yadda kike zato.

Ta biyar. Batir biyu, kowanne 1.5 V, da turjiyar ciki 0.5 Ω. Za a haɗa su da rezisto 2 Ω. Nemo karant in batiran suna siris, sannan in suna faralel.

Shi kansa batir yana da tasa turjiya, don haka I = E/(R + r), inda E shi ne cikakken boltej na batir, r kuma turjiyar cikinsa. A siris, E = 3 V, r = 1 Ω, karant 3 ÷ 3 = 1 A. Abin da ya isa rezisto 2 V ne, bolt ɗaya ya tafi a cikin batiran. A faralel E ba ya ƙaruwa, yana nan 1.5 V, r kuma ta sauka zuwa 0.25 Ω, karant 1.5 ÷ 2.25, wajen 0.67 A. To me ya sa ake haɗa batir a faralel? Don kowanne rabin kaya yake ɗauka, sai su daɗe. In kuna da sola a gida, duba batiranta. Guda biyu masu 12 V da 200 Ah in aka jera su sukan ba da 24 V da 200 Ah, a faralel kuwa 12 V da 400 Ah.

Sai batun sayayya. Ki je wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo, ki nemi mita mai nuna lamba wadda ke auna bolt, om da karant. Ki sa mai shago ya saita ta a awon bolt ya ɗora ta kan sabon batirin tocila a gabanki, ya kamata ta nuna 1.5 ko ɗan sama da haka. Ki haɗa da batir biyu, guntun waya, da rezisto irin su 100 Ω da 220 Ω. Kada ki nemi ƙanana irin na tambayoyin nan. An zaɓe su ne don sauƙin lissafi, amma 12 V a kan 6 Ω yana fitar da 24 W, ɗan rezisto na rediyo kuwa kwatar wat yake ɗauka, nan take zai ƙone. In kina son kwan fitila, ki nemi tsohon yayi mai zare a ciki, domin na tocilan zamani ba ya bin V = IR, kuma ta fuska ɗaya kawai yake kamawa. Ko mai zaren ma turjiyarsa tana hawa in ya yi zafi, don haka ninki huɗun nan ba zai fito cif ba a gwaji.

Wajen awo, boltej ana auna shi ne ta ɗora bakunan mita a gefe biyu na rezisto. Karant kuwa sai kin yanke hanya kin sa mitar a jere. In kika saita ta a awon karant kika ɗora ta kai tsaye a kan batir, fis ɗinta na iya ƙonewa. Kuma ina roƙonki, kada ki kai ta soket ɗin bango, wutar can 230 V ce, tana kisa. Ki tsaya kan batirin tocila, ki jera 100 Ω da 220 Ω, ki lissafa boltej na kowanne a takarda tukuna, sannan ki auna. Da 3 V, ki sa ran ganin kusan 0.94 V da 2.06 V.