Wa Ake Nufi da "Shi" a Nan?

Tambaya: "Audu ya nemi Bala bashi. Shi kuwa ya hana, domin bai biya na bara ba." Wa ya hana, wa bai biya ba?

Amsa: Fara da "kuwa". Aikinta a nan juya akalar magana zuwa ga wani, saboda haka "shi" Bala ne. Wurin da ake tuntuɓe shi ne "bai": mai karatu yakan manna ta ga Bala don shi ne mafi kusa. Amma "domin" dalilin hanawa take kawowa, to sa kowane suna kafin "bai" ka gwada. Rashin biyan Bala ba zai sa ya hana ba; na Audu ne zai sa. "Na bara" kuma bashi ke nan.