Edita ya ce ana zargin inji ne ya rubuta takardata, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na uku ce a Samaru, na tura takardar bincikena kan ƙuduji a gonar masara zuwa wata mujalla ta waje, sai edita ya turo min imel wai ɗaya daga cikin masu bita yana zargin inji ne ya rubuta, kuma wai akwai rifarens guda biyu da ya nema bai samu ba. Gaskiya na yi amfani da ChatGPT ya gyara min turanci kuma ya taya ni a gabatarwa, amma data ɗin nawa ne, damina biyu na yi a gona. Shikenan sun kore ni kenan? Me zan ce musu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki tukuna, ba su kore ki ba. Editan da ya gama yanke hukunci ba ya tsayawa tambaya, layi biyu zai rubuto ya ce takardar ba ta dace da mujallarsu ba shikenan. Tunda ya tambaye ki to ƙofa a buɗe take, kuma wannan shi ne tsarin da COPE, wato ƙungiyar da ke shimfiɗa wa mujallu ladubban wallafa, take koya wa editoci: in an yi zargi a fara jin ta bakin marubuci kafin a ɗau mataki.

Amma zan faɗa miki abin da ya fi damuna a wasiƙar taki, ba gyaran turancin bane, rifarens biyun nan ne. Bari in nuna miki yadda abin yake daga kujerar mai bita, dan nima ina yi wa mujallu wannan aikin.

Mai bita ba shi da wata na'ura da za ta tabbatar masa cewa inji ne ya yi rubutu. Akwai manhajojin da ake cewa suna ganowa, Turnitin ma ya ƙara nasa a Afrilun 2023, amma ba hujja bane. Kamfanin OpenAI da kansa, masu ChatGPT ɗin, sun fitar da tasu manhajar ganowa a farkon 2023, zuwa Yuli suka janye ta saboda ba ta cika dacewa ba. Kuma a shekarar dai wasu masu bincike na jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun ɗaliban da turanci ba yarensu bane, rubutun jarrabawar TOEFL, sai ga shi fiye da rabi an ce musu inji ne alhali mutane ne suka rubuta da hannunsu. Kinga wannan mu ya fi shafa, mu da muka koyi turanci a aji, jimlolinmu a tsare suke kalmominmu kuma ba su cika yawo ba, sai manhaja ta ɗauka inji ne. Wallahi abin yana min ciwo in naga an yanke wa ɗalibi hukunci da lambar kashi kaza cikin ɗari kawai. Editan kirki ya san haka, shi yasa ba zai dogara da salo ba, abin da zai iya taɓawa da hannu yake nema.

Abin da ake iya taɓawa kuwa iri biyu ne. Na farko shi ne sawun da injin ke bari in mutum ya kwafo bai karanta ba. A 2023 mujallar Physica Scripta ta janye wata takarda da aka tsinci "Regenerate response" a tsakiyarta, wato rubutun maɓallin ChatGPT ne aka haɗa aka kwafo, wani malamin jami'a a Toulouse mai suna Guillaume Cabanac shi ya bankaɗo ta. A 2024 kuma wata ta fito a Surfaces and Interfaces gabatarwarta ta fara da "Certainly, here is a possible introduction for your topic", ita ma an janye. Na biyun shi ne wanda ake zarginki da shi, madogarar da babu ita a duniya.

Bara an turo min wata takarda in duba, ba zan faɗi mujallar ba. Rifarens 38 ne a ciki. Turancin sumul kamar an goge da dutsen guga, wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsayar da ni wata jimla ce a gabatarwa da ta jingina wani sakamako ga wani malami da na san aikinsa sosai, kuma na san bai taɓa aiki a wannan ɓangaren ba. Sai na ɗauko lambar DOI ɗin, wato lambar shaidar takardar a intanet, na liƙa a bayan https://doi.org/ sai ta kai ni wata takarda daban kan wani fanni daban. Na koma shafin mujallar da aka ambata na buɗe kundin shekarar, na bi lambar shafi, wata takarda ce zaune a wurin. Daga nan na bi duk 38 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya ci min yamma guda, 33 suna nan daram, biyar babu su. Kuma ki lura da yadda na ƙaryan suke, sunan marubucin na gaske ne, sunan mujallar na gaske ne, shekarar ma ta yi daidai da lokacin da mutumin ke aiki, taken ne kawai ƙirƙira. Haka injin yake yi dan shi ba laburare yake shiga ya ɗauko ba, kalmomin da suka saba zama kusa da juna yake jerawa, sai ya haifo abin da yayi kama da gaskiya.

Ban rubuta wa marubutan cewa kun yi amfani da inji ba, dan ban gani da idona ba. A akwatin da edita kaɗai ke gani na jera biyar ɗin da abin da na samu a kan kowanne, na ce a nemi su turo kwafin takardun. Aikin mai bita ya tsaya nan, hukunci na edita ne. Kuma ko da wasa ban ɗora takardar tasu a ChatGPT dan in tambaye shi ba, haramun ne a wannan aikin, takardar da ba a wallafa ba amana ce, manyan kamfanonin wallafa irin su Elsevier sun hana, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ma ta hana masu duba mata takardun neman tallafi tun Yunin 2023.

Toh yanzu ke. Yau ɗin nan kafin ki amsa imel ki zauna ki bi rifarens ɗinki duka, ba biyun da aka kama kaɗai ba, in an kama biyu ba mamaki akwai na uku. Kowanne ki buɗe takardar da idonki, ki tabbatar akwai ta, sannan ki tabbatar ta faɗi abin da kika ce ta faɗa, dan wani lokaci takardar gaskiya ce amma maganar da aka jingina mata ba tata bace. Sai dai rashin DOI shi kaɗai ba ya nufin ƙarya, da yawan mujallunmu na gida da tsofaffin rahotannin cibiyar binciken noma ta IAR ba su da shi, mai bita da ke zaune a Turai zai nema a intanet ya rasa ya ɗauka babu. In biyun nan irin waɗannan ne to ki duba AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, ko ki taka zuwa laburaren Kashim Ibrahim ki ɗauki hoton bangon da shafin farko ki haɗa a amsarki, magana ta ƙare. In kuwa injin ne ya ba ki su kuma kin nema babu, ki cire su, jimlar da suka tallafa ki samo mata madogara ta gaske ko ita ma ta fita.

Sai wasiƙar. Ki faɗi gaskiya tsaf, a gajarce, ba kuka ba rantse-rantse. Wace manhaja, wane sashe, dan me. Ki ce gabatarwa da gyaran harshe, ki ce rifarens kaza daga nan suka shigo kuma kuskurenki ne da baki tantance ba, ga jerin da kika gyara. Ki ce a shirye kike ki turo ɗanyen data, littafin gona, fayil ɗin lissafi da tsofaffin kwafin takardar masu kwanan wata. Wannan shi ke raba ki da masu sayen takarda a kasuwa, su ba su da littafin gona mai tabon laka. Kuma kar ki tura sai sufabaizanki da duk wanda sunansa ke kan takardar sun gani, dan in abu ya ɓaci edita na iya rubuta wa jami'a, kuma kowa da ke jerin sunayen zai amsa tambaya.

Maganar bayyanawa kuma, tun farkon 2023 aka daidaita kan abu biyu. Mujallar Nature a Janairu, COPE a Fabrairu, ICMJE ta mujallun likitanci a Mayu, duk bakinsu ɗaya: inji ba ya zama marubuci dan ba zai iya ɗaukar alhaki ba, kuma in an yi amfani da shi a faɗa. Inda suka bambanta shi ne ina za a rubuta. ICMJE ta ce a wasiƙar rakiya da kuma cikin takardar, in taimakon rubutu ne a sashen godiya, in ya taɓa data ko hotuna a sashen hanyar bincike. Elsevier kuma sashe na musamman suke so dab da jerin rifarens, da jimla irin wannan:

```
During the preparation of this work the authors used ChatGPT in order to
draft parts of the Introduction and improve language. After using this tool,
the authors reviewed and edited the content as needed and take full
responsibility for the content of the published article.
```

Kinga na sa maganar gabatarwa a ciki da gangan. Ɗalibai da yawa sai su rubuta gyaran harshe kawai alhali injin ya tsara musu sakin layi sukutum, in edita ya ga rifarens na ƙarya ya san gyaran nahawu ba ya haifar da wannan, sai bayanin naki ya koma ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko muni. Duba kuskuren baƙi da nahawu zalla yawancinsu ba sa buƙatar a bayyana, Springer Nature ma ta sassauta kan gyaran harshe, amma da zarar injin ya samar da jimla ko ra'ayi ko madogara to an wuce gyara. Dokokin nan suna canzawa, mujallar Science a Janairun 2023 hanawa tayi gaba ɗaya, zuwa Nuwamba ta dawo ta yarda in an bayyana, dan haka ki buɗe shafin Guide for Authors na mujallar taki ki karanta na yau, kar ki dogara da abin da wata a hostel ta ce.

Me zai biyo baya? In matsalar a gabatarwa ta tsaya kuma data ɗinki lafiya lau, edita na iya ba ki dama ki gyara a ci gaba da bita, yana kuma iya ƙin karɓa, wannan ikonsa ne kuma ba zan yi miki alƙawari ba. Ko ya ƙi, takardar da aka ƙi kafin wallafa ba ta barin tabo a fili, ki gyara ki kai wata mujallar da bayanin a ciki tun farko. Wadda aka janye bayan ta fito ita ce sanarwar ke zama manne da sunanki a intanet, duk kwamitin ƙarin girma zai gani. Abu ɗaya da zan roƙe ki kar ki yi, kar ki yi shiru ki ɗauke takardar a ɓoye ki tura wani wuri alhali wannan editan bai rufe fayil ɗinki ba, tura takarda ɗaya wuri biyu laifi ne daban mai zaman kansa. Ki amsa masa cikin kwanakin da ya ba ki, in ba za su isa ki bi rifarens ɗin duka ba ki rubuta ki nemi ƙarin sati ɗaya, yawanci suna bayarwa.